Hannun Yaya a Ƙeyar Auta

Duk telan da ke layin kasuwa ya san Sannu-Sannu mai gyaran keken ɗinki. Teloli ne suka laƙaba masa sunan, don in ka kai masa keke kana kumfar baki cewa gobe za a zo karɓar kaya, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "To, sannu-sannu dai." Ya ja kujera, ya juya wilin keken da hannu yana saurare, kamar mai jin ƙorafin mara lafiya. Shekara talatin da huɗu yana wannan aiki a wani ɗan shago da ke ƙasan benen da yake haya, kuma ba a samu mutum ɗaya da zai ce ya taɓa jin ya ɗaga murya ba. Har zolayarsa ake yi cewa ko gobara ta tashi sai ya gama ɗaure kusar da ke hannunsa.

A gida kuwa Auta ne, ko da yake furfura ta cinye kansa. Yayarsa ce ke kiransa haka. Ta girme shi da shekara goma sha huɗu, kuma ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, da wani tsohon keken hannu da take ɗinke-ɗinke da shi har idonta ya fara gazawa. A kan wannan keken ya koyi sana'a, ranar da ya kwance shi kaf yana ɗan shekara tara ya kasa mayarwa. Ba ta doke shi ba. Ya gudu bayan ɗaki yana kuka, ta bi shi, ta ɗora tafin hannunta a ƙeyarsa ta bar shi a nan har ya yi shiru. Tun daga ranar abin ya zama nasu. Ranar da ya faɗi jarabawa, ranar da aka binne ɗansa na fari, Yaya ba ta yi dogon jawabi ba, ta dai zo ta bayansa ta ɗora hannu. Ba ta taɓa neman izini ba, shi ma bai taɓa juyowa ya ga ko wane ne ba.

Yana da shekara hamsin da tara abin ya same shi. Ya je karɓo kan wani keke a hawa na biyu na wata masana'antar ɗinki, ya rungumo shi yana saukowa, takalminsa ya zame. Mutumin kirki, maimakon ya saki ƙarfen mutane ya kāre fuskarsa, sai ya ƙara ƙanƙame shi. Goshinsa ya daki bakin matakala. Kwana uku bai san inda yake ba. Da ya farka ya gane matarsa, ya gane Yaya, ya ma tambayi ko keken ya fashe, kowa ya yi hamdala aka ce ya warke. Ciwon goshi ya rufe ya bar ɗan tabo kamar tsinke.

Wata biyu da komawarsa aiki, wani tela ya tsaya a kansa yana ƙwanƙwasa tebur da makulli yana jira. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sannu-Sannu bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya dai ji muryar wani tana zagi, ya ga gwangwanin man keke ya fashe a bango, sannan ya gane muryarsa ce kuma hannunsa ne. Telan ya fice ba ko sallama. Bayan kamar minti goma kunya ta sauko masa. Ya rufe shago, ya bi mutumin har wurin aikinsa yana ba shi haƙuri da hawaye a gaban jama'a.

Haka abin ya riƙa dawowa. Cokali ya faɗi, rediyo ya yi ƙara, a tambaye shi abu biyu a lokaci ɗaya, sai wuta ta tashi. In ta mutu ya zauna ya riƙe kai yana cewa, "Me na yi? Me ya kai ni?" Matarsa, wadda ta shekara talatin tana yi masa gorin cewa ba ya iya faɗa ko da kaza, ta koma tana tafiya a gidanta da sanɗa. Mutane kuma ba su rasa bayani ba. Wasu suka ce dama halinsa ne ya ɓoye, yanzu tsufa ya tona. Wannan maganar ta fi ciwon goshin yi masa zafi, don shi kansa ya fara yarda da ita.

Matar ce ta ja shi suka koma asibiti, aka tura su wurin likitar ƙwaƙwalwa, wata mace mai ƙaramar murya da ba ta gaggawa. Ta kunna hoton kansa a allo ta nuna wasu tabo biyu a gaba, can ƙasa, daidai saman idanu.

"Baba, bari in nuna maka abu biyu," in ji ta. Ta taɓa gefen kanta, gaban kunne. "Can ciki ta nan akwai wani ɗan ƙullutu, ɗaya dama ɗaya hagu, bai fi ƙwayar gyaɗa da yawa ba. Sunansa amigdala. Aikinta gadi. Da ta ji abin da ya yi kama da barazana sai ta buga ƙararrawa, zuciya ta hau bugu, tsoka ta ɗaure, jiki ya shirya faɗa ko gudu, tun kafin mutum ya gama gane me ke faruwa. Kowa yana da ita, har ni. Kuma tana ɗaukar darasi a tashi ɗaya. Wanda kare ya taɓa ciza, ko ɗaurarren kare ya gani sai gabansa ya faɗi, ko da ya san ba abin da zai same shi."

"To tawa ce ta lalace?"

"Taka lafiyarta ƙalau. Matsalar tana nan." Ta dafa goshinta. "Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi. Shi ne mai dubawa ya ce, dakata, makulli ne kawai, wannan abokin cinikinka ne, in ka yi jifa me zai biyo baya? Shi ke aika wa mai gadin cewa ta sassauta. Nan ne ya bugu da ka faɗi."

Ya ƙura wa hoton ido. Can ya ce, "Kamar babban keken lantarki ke nan. Inji yana ja, birki ya cinye."

"Kusan haka. Sai dai naka birkin bai tafi duka ba, makara yake yi. In jiki ya huce sai ya kama, ya waiwaya ya auna abin da aka yi. Wannan nadamar da take hana ka cin abinci, aikinsa ce. Da halinka ne ya canza gaba ɗaya, da ba ka bi telan nan kana kuka ba."

Matarsa ta rufe fuska da mayafi. Shi kuwa ya tambayi abin da duk mai gyara zai tambaya, ko ana canza wannan ɓangaren. Likita ta girgiza kai. Ta ce akwai magani da zai ɗan rage kaifin abin, kuma ƙwaƙwalwa takan samu sauƙi a hankali, amma babban aikin nasu ne. Rashin barci, yunwa, gajiya da hayaniya duk suna ƙara raunana goshin. Ta sa ya faɗi abin da yake ji kafin wutar ta kama, ya ce wuyansa kan yi zafi, haƙoransa su datse. Ta ce to a nan ne yake da 'yan daƙiƙu. Da ya ji haka ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce zai sha iska, ya fita inda ba kowa, ya riƙa sauke numfashi a hankali har minti ashirin. Ta juya ga matar ta ce, "Ke kuma naki aikin ya fi wuya. Kada a bi shi, kada a yi masa magana, kada a taɓa shi. A wannan lokacin amigdala ba ta tsayawa tantance hannun masoyi da na maƙiyi."

Suka riƙe wannan doka kamar ransu. Akwai wata matakala a bayan benen, mai hawa biyar, da take sauka zuwa inda ake shanya. Nan ya zama wurin shan iskarsa. Wata takwas bai fasa ko kofi ba. Teloli suka fara dawowa, har suka mai da abin wasa: in gardamar ƙwallo ta yi zafi sai wani ya miƙe ya ce shi ma zai sha iska. Faɗuwar ta taɓa masa riƙon abu a ka, don haka ya fito da dabara. In zai kwance keke sai ya jera murafen kwalba a tebur daga hagu zuwa dama, kowace kusa da kowane ƙaramin ƙarfe a murfinsa, bi da bi yadda ya cire su. Wanda ya gani zai ce tarkace ne, amma a wurinsa jerin nan shi ne tunaninsa.

Mutum ɗaya ce ba ta karɓi dokar ba. Yaya tana zaune a gidan ɗanta, takan zo duk mako ta wuni. Da matar ta yi mata bayani, sai ta taɓe baki.

"Wai ni za a koya wa Auta? Likitar nan an haife ta lokacin da nake wanke masa kashi? Mutum yana cikin damuwa a ce a bar shi shi kaɗai kamar maraya!"

"Yaya, ba haka ba ne, ƙwaƙwalwar ce..."

"Ƙwaƙwalwar ma a hannuna ta girma."

Aka yi dariya, har da shi. Ya so ya zaunar da ita ya faɗa mata da bakinsa, amma yaya za ka dubi wadda ta raine ka ka ce ta yi hattara da kai? Ya ce a ransa wata rana zai yi, bai kuwa yi ba.

Ranar da abin ya faru, masu gyaran titi sun kwana biyu suna fasa kwalta a ƙofar shago, barcinsa bai yi kyau ba, kuma azahar ta wuce bai sa komai a ciki ba. Yana tsakiyar kwance wani keke mai wuyar sha'ani, murfi goma sha bakwai a jere. Matarsa ta tafi cefane. Ya haura sama ya ɗauko tabarau, Yaya kuma ta sauko shago neman almakashi. Ta ga tebur kaca-kaca, ta tausaya wa ƙanenta da ba shi da mai gyara masa wuri. Ta samu gwangwani ta juye murafen duka a ciki, ta goge teburin tas.

"Ka ga yadda wuri ya yi kyau?" ta ce da ya shigo.

Ya dubi teburin, ya dubi gwangwanin. Wuyansa ya ɗauki zafi, haƙoransa suka datse. A nan dai ba a isa a ce bai yi ƙoƙari ba. Ya ajiye tabarau a hankali, ya ce, "Zan sha iska," ya fita ta baya ya tsaya a saman matakala, ya kama ƙarfen dafawa yana jan numfashi. Injin fasa titi yana ta ruri, don haka bai ji takunta ba.

Ita kuwa ta ga fuskarsa ta gane ta yi ɓarna. Ta yi abin da ta saba yi shekara hamsin. Ta zo ta bayansa ta ɗora hannu a ƙeyarsa.

Hannunsa ya riga shi juyawa. Ya ji gwiwar hannun ta daki wani abu mara nauyi, ya ji muryarsa ta ce, "A ƙyale ni!" Da idonsa ya iso, Yaya tana ƙasan matakala a kwance, ƙafarta ɗaya ta juya waje, ɗankwalinta a hawa na uku. Ba ta yi ihu ba. Kallonsa kawai take yi, da wata irin fuska da bai taɓa gani ba. Wannan karon nadama ba ta jira minti goma ba. Ya sauka da rarrafe yana kiran sunan Allah, yana kiran maƙwabta, ya kasa ko taɓa ta.

Ƙashin ƙugu ne ya karye, aka yi mata aiki. Ta gaya wa likitoci da ɗanta cewa zamewa ta yi, tsufa ne da silifas. Da Sannu-Sannu ya ja bakinsa, da maganar ta tsaya a nan. Amma ya tare ɗan a barandar asibiti ya faɗa masa komai, bai rage ba, bai kuma ambaci hoton ƙwaƙwalwa ba. Ɗan, wanda Sannu-Sannu ne ya saya masa keken hawa na farko, ya dubi ƙasa.

"Kawu, na san ba ka da lafiya," ya ce. "Na sani. Amma uwata ce. Don Allah kada ka zo inda take."

"Ka yi daidai," in ji shi. "Ko ni ne haka zan ce."

Wata huɗu bai gan ta ba. Likita ta ƙara masa magani, ta ce ya yi abin da ya kamata a ranar, dabarar ce ta gaza ta wajen Yaya, ƙofar da ba su rufe ba. Ya gode mata, amma maganar ba ta sauƙaƙa masa komai ba. Ya san sunan abin, ya san inda yake zaune a kansa, zai iya zana shi a takarda, kuma duk da haka gwiwar hannunsa ce. Ya rame har agogo yana yawo a tsintsiyar hannunsa. Tsohon keken hannun Yaya yana ajiye a saman kantar shagon tun da ta daina ɗinki. Ya sauko da shi ya kwance, ya wanke kowane ƙarfe da kananzir, ya mayar, ya sake kwancewa. Keken ba abin da ya same shi, shi ne dai bai san inda zai sa hannuwansa ba. Ba gidan yari yake tsoro ba, ba bakin mutane ba. Tsoronsa ɗaya, kada Yaya ta bar duniya wannan kallon na ƙasan matakala ya zama na ƙarshe a tsakaninsu.

Ita ce ta tayar da rigima a gidan ɗanta. Ta ce ba za ta ƙara taka sandar koyon tafiya ba sai an kawo mata ƙanenta. Ɗan ya gaji ya buga waya, ya ce Kawu ya zo da safe bayan ya karya, shi kuma zai zauna a falo ƙofa a buɗe.

Ya same ta a kujera kusa da taga, ta ƙanƙance, sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu a gefenta. Ya ajiye tsohon kekenta da ya zo da shi a tebur, ya durƙusa daga nesa.

"Dube shi don Allah," ta ce. "Matarka ta daina dafa abinci ne? Ni aka karya, kai ka rame."

"Yaya, ki yafe mini."

"Na yafe tun ina ƙasan matakalar. Ni ce da taurin kai, an gaya mini ban ji ba. Matso, ba na jin ka daga can."

Ya matso. Ta juya wilin keken, ta saurari tafiyarsa, ta ce ai ko sabo bai kai shi laushi ba, ashe dai ya koyi mayarwa. Suka yi dariya, dariya ta gaske, har ɗan ya leƙo ya koma. Nauyin wata huɗu ya fara sauka daga ƙirjinsa. Sai mayafinta ya zame daga kafaɗa zai faɗi ƙasa, ya miƙa hannu da sauri ya tare mata.

Yaya ta zabura. Ta kāre fuska da hannu biyu, ta maƙure a jikin kujera, sandar ta faɗi da ƙara. Daƙiƙa ɗaya ce, ko biyu. Ta sauke hannuwan a hankali tana kallonsu kamar na wani, sannan ta fashe da kuka.

"Wallahi na yafe, Auta. Wallahi. Ban san me ya sa ba, jikin ne kawai..."

"Na sani, Yaya."

Duk duniya ba wanda ya fi shi sani. Ya tuna wanda kare ya ciza, ya gane yau shi ne ɗaurarren karen. Goshinta ya yafe masa da gaske, amma mai gadin da ke can ciki ta ɗauki darasi a kan matakala, kuma hannunsa ne ya koyar da ita. Zuciyarsa ta karye a wurin fiye da ranar da ta faɗi.

Ɗan yana tsaye a ƙofa. Yaya ta ɗaga masa hannu ta ce ba komai. Sannu-Sannu ya ɗora tafukansa a gwiwa inda za ta riƙa ganinsu, ya ce mata likita ta ce irin wannan tsoron ba ya gogewa, amma goshi yana iya koya masa sabon darasi in aka yi ta maimaitawa ba abin da ya faru. Ya ce in an yarda zai riƙa zuwa ya zauna haka nan, ba zai miƙa hannu ba sai ya faɗa.

Ta share hawaye da gefen mayafi. "Juya mini baya," ta ce.

Ya juya ya zauna a ƙasa a gaban kujerarta, ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana jin numfashinta a bayansa, tana ja tana saukewa, irin yadda aka koya masa. Hannun da ya shekara hamsin yana sauka a ƙeyarsa ba sallama ya tsaya a iska, har yana jin ɗuminsa.

"Auta," ta ce da ƙaramar murya, "zan taɓa ka."

"To, Yaya."

Yatsunta suka sauka a ƙeyarsa.